Gajeriyar hanya da rabin inci, ko doguwar hanya da uku bisa huɗu?

"Ina ginin gida mai banɗaki ɗaya da kicin, tankina yana kan ƙarfe mai tsawon mita 4. Wani mai aikin famfo ya ce a ja fayif na rabin inci ta cikin gida, mita 14, elbo 9 da ti 2 kafin shawa. Wani kuma ya ce a zagaya ta bayan gini da na uku bisa huɗu, mita 20, elbo 4 da ti 2. Wanne ya fi?"

Ɗan'uwa, na biyun ya fi, duk da cewa hanyarsa ta fi tsawo, kuma dalilin yana cikin tsayin tankinka. Kan shawa yakan zauna kimanin mita 2 daga ƙasa, saboda haka idan ruwa ya yi ƙasa a tanki, tazarar mita 2 kacal ke tura shi. Duk abin da ruwan zai goga a hanya, daga cikin wannan mita 2 ɗin zai ci.

Ana lissafin elbo, wato mahaɗar da ke lanƙwasa layi, da ti, mai fitar da reshe, kamar ƙarin tsawon fayif ne. Elbo ɗaya yana tauye ruwa kusan kamar miƙaƙƙen fayif mai tsawon faɗin raminsa sau 30. Ti idan ruwa ya wuce kai tsaye sau 20 ne, idan ya karya ta reshe kuwa sau 60. A fayif na rabin inci, mai rami kusan milimita 15, elbo ya zama santimita 45, ti kuma 30 ko 90. A na uku bisa huɗu, mai milimita 20, elbo santimita 60 ne, ti kuma 40 ko 120.

Mu ɗauki lita 12 a minti ɗaya, wato gudun da zai cika bokiti mai lita 20 kafin minti biyu. Tsarin farko, mita 14 da elbo 9 da ti 2, ya koma kusan mita 19 a lissafi. A wannan gudun, kowace mita ta ƙaramin fayif tana cin kimanin santimita 12 na tsayin tanki, jimla mita 2.3 ke nan, ta zarce abin da kake da shi. Ruwa zai fito, amma ba zai kai lita 12 ba, kuma da zarar an buɗe famfon kicin shawar za ta koma ɗigo. Tsari na biyu ya koma mita 24 a lissafi, sai dai kowace mita santimita 3 take ci, wato kusan santimita 70. Ko an ƙara reshen rabin inci mai mita 2 da elbo biyu da zai hau zuwa kan shawa, duka asarar ba za ta wuce mita 1.1 ba. Bambancin milimita 5 a faɗin rami shi ya rage gogayya kusan sau huɗu, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa a yanke hukunci.

Elbo 9 ɗin nan suna da wata illa da lissafi ba ya nunawa. Hanyar cikin gida takan hau ta ƙetare saman ƙofa ta sauko, kuma duk ranar da tanki ya ƙare aka sake cika shi, iska takan maƙale a wannan tudun. Alamarta ita ce famfo ya yi ta tari yana feshi, ko ya ƙi kawowa alhali tanki a cike yake. Bayan haka, kowane elbo mahaɗa biyu ne, tara sun zama wurare 18 da ke iya yoyo a ƙarƙashin filasta da tayil. Layin bayan gini kuwa a buɗe yake ga mai gyara, amma dole a binne shi ko a rufe shi, domin rana tana busar da fayif na roba har ya tsage, ruwan ciki kuma ya yi zafi da rani.

Wajen kuɗi, na farko ya fi sauƙi a ranar saye. Koren fayif da ake haɗawa da zafi yana zuwa sanda mai mita 4, don haka tsarin farko sanda 4 ne, na biyu kuwa sanda 5 na babba da 1 na ƙarami, kuma gara ka ƙara babba ɗaya saboda yanka. Ka lura cewa lambar 20 ko 25 da ke jikin koren fayif faɗin waje ce, raminsa bai kai haka ba, musamman mai kaurin jiki. Idan shi za a saka, kada babban layin ya gaza 25, kuma idan akwai niyyar ƙara banɗaki nan gaba, a fito daga tanki da 32. Ka nemi ti mai ƙaramin reshe, 25 zuwa 20, domin babban layin ya riƙe faɗinsa har famfo na ƙarshe, sannan a sa makunni ɗaya a bakin tanki da ɗaya a kan kowane reshe.