Littafin insha'i, tsofaffin tambayoyi ko lesin: wanne za a saya wa ɗan WAEC?

Insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne, ana son kalmomi aƙalla 450 cikin kimanin minti 50. Maki 10 daga ciki na tsari ne kawai, wato yadda sakin layi ke bin juna. Duk abin da za ki kashe wa kuɗi, Hajiya, ki fara duba ko yana koya wa yaro wannan tsarin alhali agogo na tafiya.

Mafi araha shi ne littafin samfurin insha'i, irin wanda ake samu wajen masu littattafai a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna. Kafin ki biya, buɗe insha'i ɗaya na ra'ayi ki karanta jimlar farko ta kowane sakin layi. Idan waɗannan jimlolin kaɗai sun nuna miki hujjar marubucin daga farko zuwa ƙarshe, littafin ya yi. Illarsa hadda: yaro ya haddace gabatarwa mai ƙyalli, ranar jarrabawa ya liƙa ta a kan tambayar da ba tata ba.

Tsofaffin tambayoyi sun fi shi amfani, muddin akwai mai riƙe agogo a gida.

Lesin ya fi tsada, kuma a nan aka fi yin asara. Nemi malamin ya nuna miki takardar da ya yi wa makin, sannan ki ji yadda zai tsara batu kamar "a hana ɗalibai zuwa makaranta da waya". Malamin kirki zai ce minti 5 na tsari, 40 na rubutu, 5 na gyara. Gabatarwa kalmomi 60, yaro ya faɗi matsayinsa ƙarara: a hana. Sai sakin layi biyu masu kalmomi 110 kowanne, ɗaya kan yadda waya ke ɗauke hankali a aji, ɗaya kan satar amsa. Na uku, shi ma 110, ya saurari uwar da ke Rigasa, ɗanta na karatu a Kawo, tana son jin ya isa lafiya, ya ba ta amsa cewa ana iya ajiye wayar a ofis har a tashi. Kammalawa mai kalmomi 60 ta amince da damuwar uwar, amma ta tsaya kan hanin. Wanda ya rufe da "kowa da gaskiyarsa" bai ba da ra'ayi ba.

Ki lura da kalmomin haɗi a takardar. In kowane sakin layi ya fara da takwarar "bugu da ƙari" a Turance, har wanda ke kawo saɓani, kuma jan biro bai taɓa wurin ba, malamin ƙirga layi yake yi. Wurin saɓani "sai dai" yake so, wurin sakamako "saboda haka".

Ni dai da kuɗin kaɗan ne, tsofaffin tambayoyi zan saya, in biya malami ya riƙa duba insha'i ɗaya duk mako.