Bonas ko tsaga hannun jari: duba littafin kamfani kafin ka saya

A ce kamfanoni biyu ne a gabanka a kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, kowanne farashin hannun jarinsa naira 30. Na farko ya sanar zai tsaga kowane hannun jari gida biyu, na biyu kuma zai ba da bonas, ɗaya a kan kowane ɗaya da kake da shi. Dillalinka zai fi zumuɗin bonas, domin kunne na jin sa kamar kyauta. To, bari mu ɗauki alƙalami.

Kowane kamfani na da hannun jari biliyan 1, darajar asali da aka rubuta wa kowanne kobo 50, kamar yadda aka saba a yawancin kamfanonin Najeriya. Ke nan asusun jarin kamfani naira miliyan 500 ne. Akwai naira biliyan 1 a asusun rarar farashi, wato abin da masu saye suka biya sama da kobo 50 lokacin da kamfanin ya fitar da hannayen jarin, sai naira biliyan 3 na ribar da aka tara ba a raba ba. Jimillar haƙƙin masu jari naira biliyan 4.5. Kai kuma kana da guda 10,000, kuɗinsu naira 300,000.

A aljihunka duka biyun abu ɗaya ne. Ka koma mai guda 20,000, farashi ya sauko wajen naira 15, kuɗinka na nan naira 300,000. An canza maka dubu ɗaya zuwa 'yan ɗari biyar guda biyu, shi ke nan.

A littafin kamfani ne suke rabuwa. Idan tsagawa aka yi, darajar asali ta koma kobo 25, hannun jari biliyan 2 sau kobo 25 kuwa miliyan 500 ɗin nan ce dai. Ko kobo bai tashi daga wani asusu zuwa wani ba. Bonas ba ya taɓa kobo 50 ɗin, saboda haka dole a biya sababbin hannayen jarin daga wani wuri: ana kwashe naira miliyan 500 daga ajiyar kamfani a zuba a asusun jari, ya zama biliyan 1. Jimilla tana nan biliyan 4.5.

Abin tambaya shi ne daga wace ajiya aka kwasa, kuma sanarwar babban taron masu hannun jari takan faɗa. In daga ribar da aka tara ne, ta ragu zuwa biliyan 2.5, kuma wannan miliyan 500 ta shiga ɗakin da ba a raba abin cikinsa a matsayin riba. Fito da ita sai an bi hanyar rage jari, har da amincewar kotu. In daga rarar farashi ne, da ma can ba a raba ta a matsayin tsabar riba, don haka ba ka rasa komai ba. Ni in ribar shekara nake nema, bonas daga rarar farashi ya fi kwanta mini.

Wanda ke sayen hannun jarin Amurka ta manhajar waya zai fi cin karo da tsagawa: Apple ya yi huɗu a kan ɗaya a 2020, Nvidia goma a kan ɗaya a 2024. Can ƙa'idar lissafinsu ta ce bonas ƙarami, ƙasa da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, da farashin kasuwa ake rubuta shi. Da kamfaninmu zai ba da kashi 10 a bisa wannan ƙa'ida, guda miliyan 100 sau naira 30 za su lashe biliyan 3 ɗin kaf, miliyan 50 kacal ta shiga asusun jari, sauran ta tafi rarar farashi.

To yaushe bonas ke da amfani? Sai idan kamfani zai iya riƙe ribar da yake biya a kan kowane hannu. Ɗauki bonas na ɗaya a kan huɗu: guda 10,000 sun zama 12,500, farashi ya koma naira 24. In da naira 2 ake biya kuma aka ci gaba da biyan ta, kana karɓar naira 25,000 maimakon 20,000, amma kamfanin sai ya fitar da biliyan 2.5 maimakon biliyan 2. Duba ribarsa ta shekarun baya ka ga ko za ta ɗauki wannan nauyi. In ba za ta ɗauka ba, naira 1.60 za a biya ka, ka dawo kan 20,000 ɗinka.

Sai batun rana. Wanda sunansa ke rajista a ranar cancanta shi ke samun bonas, bayanta kuma a daidaita farashi ƙasa. Sababbin hannayen jarin kan ɗauki lokaci kafin su bayyana a asusunka na CSCS, ma'ajiyar da ke riƙe hannayen jarin masu saye a kasuwar, a tsakanin nan manhaja za ta nuna maka kamar ka yi asara, alhali ba za ka iya sayar da abin da bai iso ba. In ka san za ka buƙaci kuɗinka a makonnin nan, ka bari a gama daidaita farashin, ka saya a naira 24 ɗin misalinmu na ɗaya a kan huɗu.