Cirewa uku kyauta ko cirewa ba iyaka: wane asusu ya fi sauƙi?

"Jama'a ku ba ni shawara. Asusu biyu nake dubawa. Na farko babu kuɗin wata, kuma sau uku zan cire kuɗi kyauta a na'urar wani banki, daga nan su fara caji. Na biyu akwai kuɗin wata, amma sun ce cirewa ba iyaka. Wanne zan ɗauka?"

Ɗan'uwa, kafin ka zaɓa, ka sani cewa caji iri biyu ne ke iya hawa kanka duk lokacin da ka sa katinka a ATM ɗin da ba na bankinka ba, kuma kalmar kyauta da suka rubuta maka galibi ɗaya kawai ta rufe.

Na farko na bankinka ne. Idan ka cire kuɗi a na'urar wani banki, saƙo yana bi ta kamfanin da ya haɗa bankunan, ko na cikin ƙasa ko irin su Visa da Mastercard, a tambayi bankinka ko kana da kuɗin. Bayan na'ura ta ba ka, bankinka zai biya mai na'urar abin da ka ɗauka, ya ƙara masa ɗan lada, domin shi ya sayi na'urar, shi yake zuba mata kuɗi, shi yake biyan wuta da masu gadi. Wannan ladan ne bankinka yake dawowa ya karɓa a wurinka, sau da yawa har da ɗan ƙari. Cirewa ukun da aka ce kyauta ne, ma'anarsa bankinka ya yarda ya ɗauki wannan nauyin sau uku a wata.

Na biyu na mai na'urar ne, kai tsaye daga aljihunka. Ba ko'ina ake da shi ba, domin wasu ƙasashe sun hana, wasu sun sa masa iyaka. An fi ganinsa a na'urorin da ba a jikin reshen banki suke ba, kamar na filin jirgi, otel da manyan kantuna. A ƙa'ida allon yana nuna maka adadin kafin ka amince, ya ba ka damar fasawa. Ka riƙa karanta wannan allon, don Allah. Mutane da yawa suna dannawa cikin sauri saboda layi a bayansu, sai daga baya su zo suna faɗa da bankinsu a kan kuɗin da ba shi ya karɓa ba.

To mu jera asusun biyu. Zan sa lambobi na misali, kai kuma ka musanya su da waɗanda ke cikin takardar cajin bankunan.

A ce asusun farko yana karɓar 50 a kowace cirewa bayan ukun kyauta, na biyu kuma yana karɓar 200 a wata ko ka cire ko ba ka cire ba. Idan sau biyar kake zuwa na'urar wani banki a wata, a na farko biyu ne za ka biya, wato 100, a na biyu kuwa 200 ɗin nan tana nan. Na farko ya yi nasara. Idan sau goma ne, a na farko bakwai za ka biya, 350 ke nan, na biyu yana nan a 200. Inda suka yi kunnen doki shi ne cirewa ta bakwai: ka raba kuɗin wata da cajin cirewa ɗaya, 200 a raba da 50 ya ba da huɗu, ka haɗa da ukun kyauta. Ƙasa da bakwai na farko ne naka, sama da bakwai na biyu.

Amma lissafin bai ƙare ba. A ce na'urar da ta fi kusa da kai mai ita yana ɗora 30 a kowace cirewa. Mai zuwa sau goma ya ƙara 300 a dukkan asusun biyun, na farko ya koma 650, na biyu 500. Ka ga wanda aka ce masa ba iyaka ma yana biyan 30 duk zuwa. Abin da zai sauya wannan shi ne idan asusun na biyu yana mayar wa mutum cajin mai na'ura. Akwai masu yin haka, amma kusan kullum da iyaka a wata, wani lokaci da sharaɗin albashinka ya riƙa shiga asusun ko ka bar wani adadi a ciki. Idan suna mayar da har 150, mutumin nan ya tashi a 350. Wannan ita ce tambayar da zan fara yi wa ma'aikacin banki idan ni ne: cajin mai na'ura kuna mayarwa, kuma har nawa?

Yanzu ga inda ukun nan ke zubewa ba ka lura ba, kuma nan na fi so ka tsaya. Banki ba zuwanka yake ƙirgawa ba, yawan cirewa yake ƙirgawa. Na'urori da yawa suna da iyakar abin da suke bai wa katin da ba nasu ba a lokaci guda. Kana son 30,000, na'ura ta ce 10,000 ce iyakarta, sai ka sa kati sau uku. A tsayuwa ɗaya, ranar biyu ga wata, kyautarka ta ƙare, duk abin da ya biyo baya na biya ne. Mai cire kuɗi da yawa ya nemi na'urar da iyakarta ke da girma ko da zai ɗan ƙara tafiya. Mai cire kaɗan-kaɗan ma yana da tasa asarar: 80, wato 50 da 30, a kan 2,000 kashi 4 cikin 100 ne, a kan 10,000 kuwa bai kai kashi 1 ba.

Ka kuma tambaya ko duba ragowar kuɗi yana shiga ƙidaya. A Indiya, alal misali, dokar babban bankinsu ta ba mai asusun ajiya sau uku kyauta a wata a na'urar wani banki cikin manyan birane, sau biyar a sauran wurare, kuma duba ragowa a irin wannan na'ura yana cin guda daga ciki. Amma dokar ta ce cirewar da ta gaza saboda matsalar na'ura, ko saboda babu kuɗi a cikinta, ba ta shiga lissafi. Wasu wuraren ba doka ce ta tsara wannan ba, kowane banki da nasa sharaɗin, don haka sai ka gani a rubuce. Wata ma kansa yana da fuska biyu: wasu suna sabunta ƙidayar ranar ɗaya ga wata, wasu ranar da suke fitar maka da bayanin asusu. Kuma abin da ba ka yi amfani da shi ba a wannan watan ba ya bin ka zuwa na gaba.

Don ka san gaskiyar al'adarka, ɗauko bayanin asusunka na wata uku da suka wuce, ka ƙirga cirewar da ka yi a na'urorin da ba na bankinka ba. Cajin bankinka yakan fito a layinsa daban, wani lokaci sai ƙarshen wata. Na mai na'ura kuwa sau da yawa yana haɗe da kuɗin da ka cire, sai ka ga 10,030 maimakon 10,000. Wannan ɗan wutsiyar ita ce shaidarsa.

A ganina, idan bankin asusun farko yana da na'ura kusa da gidanka ko wurin aikinka, ɗauki na farkon, ka ajiye ukun nan don ranar tafiya ko ranar da na'urarsu ta lalace. Idan kuwa aikinka na yawo ne, ko na'urar bankin ta yi maka nisa har ƙidayarka tana wuce inda suka yi kunnen doki kowane wata, ɗauki na biyu, bayan sun nuna maka a rubuce abin da suke yi da cajin mai na'ura.