Taƙaitawar taron da ta ci mana kusan tan uku na shanshera

Da fari dai yabo na zo yi, don ranar da takardar ta iso na ji daɗinta. Ina kula da wani ƙaramin injin gyaran shinkafa a Kamba, masu hannun jari biyu mutanen Yamai ne, kuma taron hukumar gudanarwa da Faransanci ake yinsa. Mu da ke riƙe da aikin, ni da mai sito da mai saye da akanta, Hausa muke ji. Shi ya sa muka ba wani ofishin fassara a Birnin Kebbi sautin taron na awa biyu da daftarin rahoton sakatare, su fitar mana da abin da aka yanke da aikin da ke kan kowa.

Kwana biyu suka aiko shafi ɗaya da rabi, Hausa mai daɗin karantawa. Sun bar kuɗin sefa a sefa, ba su juya shi naira da farashin da suka ga dama ba. Inda aka ce kwana goma sha biyar sun rubuta mako biyu, wanda shi ne abin da mai Faransanci ke nufi. Na ce to, mun samu mutanen kirki.

Sai layi na huɗu: “An amince a sayi tan 300 na shanshera.” Shi ke nan. Ba wanda zai saya, ba ranar farawa, ba komai. Na karanta wa mai sayenmu, ya ce, “Ranka ya daɗe, tunda an amince me muke jira? Kaka ce, gobe farashi zai ɗaga.” Gaskiyarsa. Ya tura yaransa wajen Bunza da Suru, kafin mako ya zagayo tirela biyu sun sauke mana tan 60.

Ashe abin da hukumar ta ce shi ne a saya bisa sharaɗin danshin shinkafar kada ya wuce kashi 14 cikin ɗari, kuma sai an aika sakamakon awon ga mai kula da kuɗi ya sa hannu kafin a biya. Da Alhaji, ɗaya daga cikin masu hannun jarin, ya kira daga Yamai yana faɗa, na buɗe daftarin a waya, wani malamin makaranta maƙwabcina ya ɗora yatsa a kan kalmomi uku, `sous réserve de`, ya ce, “Yallaɓai, ai nan ne maganar take. Ma'anarsa sai in an cika abin da ke biye.” Kalmomi ukun nan da duk abin da ya biyo bayansu mai taƙaitawa ya yar, wai don takarda ta yi gajarta.

Muka soka na'urar awo a buhuna, ta nuna 18. Ko da hannu ka cusa za ka ji ɗumi a tsakiyar buhun. Dole muka baza ta a kan tamfol kwana da kwanaki, da kuɗin lebura. Lissafin kuwa ba wuya: in danshi ya sauko daga 18 zuwa 14, kowane kilo 86 yana komawa 82. A tan 60 kusan tan 2.8 ke nan, ruwa muka saya da kuɗin shinkafa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da na koma na sake duba takardar da idon wanda wuta ta ƙona, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Layi bakwai, shida sun fara da “an amince”. Taron da aka kwashe awa biyu ana ja-in-ja ba ya ƙarewa haka. Biyu daga ciki ma shawara ce kawai wani ya kawo, aka ce a bari sai zama na gaba, har da maganar sayen sabon janareta. Da mun bi wannan ma, da asarar ta fi haka. Sannan wannan “a yi, a duba, a tuntuɓa” da Hausa ke ba mutum damar faɗa ba tare da ya kama suna ba, a takardar aiki guba ce. Wa zai duba? Yaushe?

Na je ofishin da kaina. Yaron da ya yi aikin bai yi musu ba, ya ce a gafarce shi, ya ɗauka sharaɗin ƙarin bayani ne. Sun sake aikin kyauta, kuma wannan karon kowane batu sun raba wanda aka yanke da wanda aka ɗage, suka sa sharaɗinsa, sunan mai aikin, da rana, har da mintin da aka faɗe shi a sautin. Ya yi kyau ƙwarai. Amma tunda sun iya, me ya hana tun farko? Kuɗin lebura da na tan ukun kuwa ba wanda ya ko tayar da zancensu.

Taro na gaba su zan sake ba, amma mai saye ba zai ga takardar ba sai na karanta wa sakataren hukumar ita ta waya, layi bayan layi, ya ce haka ne.