Rajista da sunanka ko kafa SARL?

'Yan kasuwar Tahoua na yawan tambayata wace rajista ta fi, ta mutum shi kaɗai ko ta SARL, wato kamfanin da dukiyarsa daban take da ta mai shi.

Wajen sauƙi, rajista da sunanka ta fi. Lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da ta lanho, wato NIF, sun ishe ka. SARL kuwa sai an rubuta dokokin kamfani, an zuba jari, kuma kowace shekara ana rufe lissafi, mai lissafin ma sai an biya shi.

Amma ranar bashi ake gane bambancin. A ce ka ɗauki albasar Galmi ta miliyan 5 bashi, mota ta lalace a hanyar Abidjan, kaya suka ruɓe, miliyan 2 kawai ya rage. In da sunanka ne, masu bashi na iya bin filinka da shanunka don cikon miliyan 3. In SARL ne, a dokar OHADA, wato dokar kasuwanci da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, asararka ba ta wuce jarin da ka zuba ba. Sai dai in ka sa wa banki hannu cewa kai ka tsaya wa bashin, wannan kariya ta faɗi.

Kamfanin haɗin gwiwa da ake kira SNC shi nake tsorace wa mutane: abokinka ya ciwo bashi da sunan kamfanin, a biyo ka kai kaɗai da dukansa.

Mai ƙaramin kanti da ke saye kuɗi hannu, sunansa ya ishe shi. Mai ɗaukar kaya bashi ko mai haɗa jari da 'yan'uwa, SARL ta fi dacewa da shi, kuma ko mutum ɗaya na iya kafa ta.