Sharhi kan zanen hoton kakarmu da na bayar aka yi a Jos

A ƙarshen shekarar da ta wuce ne muka yanke shawara, mu jikoki, cewa za mu sa a zana hoton kakarmu ta wajen uwa, wadda muke kira Hajiya Babba, domin kowane gida ya samu kwafi guda. Ba hoton kyamara muke so ba, zane muke so irin wanda ake yi da alƙalamin kwamfuta, mai layuka kaɗan da launi a shimfiɗe, wanda ya ɗan yi kama da katun amma bai kai ga barkwanci ba. Da yake malamai sun yi saɓani kan zanen mai rai, sai da muka nemi izininta tukuna, ta kuma amince bisa sharaɗi ɗaya, wato a nuna ta yadda take fita unguwa, ba yadda take zama a tsakar gida ba. Wani matashin mai zane da ke da ɗan shago a wajen Terminus na ba aikin, na biya rabin kuɗi kafin alƙalami, muka yi yarjejeniya cewa zai yi gyara sau biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Kuskuren farko nawa ne, domin hoton fasfo na aika masa, wanda aka yanke daga haɓa zuwa sama, kuma mayafin ya ɗan zame baya a lokacin da aka ɗauke shi. Mai zane ba ya barin gurbi a fili. Abin da bai gani ba, zai cike shi da abin da hannunsa ya saba. Da samfurin farko ya iso bayan kwana uku, sai na ga ya ɗaura wa tsohuwa mai shekara fiye da 80 ɗankwali mai tsini irin na 'yan matan amarya, kunnuwa a waje da 'yan kunne masu lilo, wuya dogo kuma a buɗe har zuwa ƙashin kafaɗa. Ba da mugun nufi ya yi ba, kuma da na yi magana bai yi gardama ba, sai dai ya bayyana mini cewa yawancin masu kawo masa aiki hoton biki suke so, don haka idonsa ya saba da dogon wuya da siririyar haɓa.

A samfuri na biyu ya rufe ko'ina, amma ya faɗa wani ramin dabam. Ya sa mata ɗinkakken hijabi mai roba, wanda ya kewaye fuska sumul kamar na ɗalibar Islamiyya. Suturar ta cika, babu abin da ya fito, sai dai wannan ba Hajiya ba ce, domin ita tun tasowarmu ba mu taɓa ganin ta da irin wannan hijabin ba. A nan ne na gane cewa kalmar "a rufe mata kai" ba ta isa umarni ga mai zane ba. Lulluɓin tsohuwar Bahaushiya hawa biyu ne. Akwai kallabi a ƙasa, wanda aka ɗaure ya kwanta a kan goshi ya danne gashi da saman kunnuwa, sannan akwai mayafi babba a samansa, wanda ya sauko ta gefen kumatu, aka jefa gefe ɗaya kan kafaɗar hagu, har ya rufe wuya da ƙirji. Abin da ido ke kamawa shi ne ɗan bakin kallabin da ke leƙowa a ƙarƙashin mayafi, da kuma nauyin yadin, domin mayafi mai kauri ninkinsa manya ne kuma kaɗan, yana sauka kai tsaye daga kafaɗa, ba ya bin surar jiki. Idan mai zane ya cika ƙananan ninki masu lanƙwasa, ko ya sa haske da inuwa a kan ƙirji, to yadin zai zama kamar shara-shara ko da bai nuna fata ba, kuma kamalar ta tafi ke nan.

Maganin da ya yi aiki mai sauƙi ne. Na ɗauki Hajiya sababbin hotuna uku da hantsi a bakin ƙofar ɗakinta, ɗaya ta gaba, biyu ta gefe, dukansu daga kai zuwa gwiwar hannu, kuma na durƙusa sai da kyamarar ta yi daidai da idonta, saboda hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙanƙantar da babba ya mayar da shi kamar yaro. Na kuma kai masa ainihin mayafin ya taɓa. A wannan karon na roƙi ya nuna mini layukan kawai kafin ya zuba launi, domin gyaran lulluɓi a matakin layi aikin 'yan mintoci ne, amma bayan launi kusan sabon zane ne.

A kan fuska kuwa mun ɗan ja da shi, kuma a wani wurin shi ne mai gaskiya. Salon da muka zaɓa yana rage layuka, saboda haka ya goge tamojin fuskar duka, ya ƙara girman ido, ya kuma ɗan haska fatar. Na ce a mayar da kome. Ya ce da ni: "Yallaɓai, idan na zana kowane layi da baƙi, za ta fito kamar mai fushi ko mai jinya." Ya gwada mini a kan allon, na ga haka ne. Abin da muka tsaya a kai shi ne a bar layuka biyu da suka sauko daga hanci zuwa gefen baki, da 'yan ƙanana a wutsiyar ido, a zana su da launin da ya fi fatar duhu kaɗan maimakon baƙi. Tsagar gado da ke kumatunta, wadda ya ɗauka lahanin hoto ne ya share, na dage sai an mayar da ita da adadinta daidai, haka ma kwallin idonta da ainihin duhun fatarta. Idon ma aka rage shi, bakin ya zama a rufe da ɗan murmushi, kamar yadda take yi idan an gaishe ta.

Wajen bugawa ne ya nuna ƙwarewa ba tare da na tambaya ba. Ya yi aikin a girman A3, wato santimita 29.7 da 42, a kan 300 dpi, ma'ana ɗigo 300 a kowane inci, ya kuma gargaɗe ni kada in kai wa mai bugawa kwafin da ya turo ta WhatsApp, domin manhajar tana matse hoto idan ba a matsayin fayil aka aika shi ba. Ya sa aka fara buga ƙaramin gwaji, kuma ya yi daidai da ya yi haka, domin allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, sai ga shi inuwar da mayafi ya jefa a goshi ta haɗe da fatar ta zama baƙi ɗaya. Ya sassauta inuwar, ya canza bayan hoton zuwa ruwan ƙasa mai haske, aka sake bugawa.

Abin da zan ɗora masa laifi a kai shi ne rashin tambaya tun farko. Da ya tambaye ni shekarunta da irin lulluɓinta, ko ya ƙi karɓar hoton fasfo, da ba mu kai mako uku a kan aikin da ya ce na kwana bakwai ba ne, kuma da ban biya kuɗin gyara na uku ba. Amma yana da haƙuri, bai kuma sa hoton a shafinsa na talla ba bayan na ce iyali ba su yarda ba. Zan sake ba shi aiki.

Da na kai wa Hajiya nata kwafin a Anguwar Rogo, ta daɗe tana kallo, ta shafa wajen tsagar da ɗan yatsa, sannan ta ce da ni cikin wasan da muka saba: "Maigidan, ai wannan mayafin da na ba ƙanwarka aro ne tun Sallah, ka ce ta dawo mini da shi."