E110 da E211 a jikin kwalbar lemo: wanne ne ya fi cancanci a sa masa ido?

Tambaya: “Na ga E110 da E211 a jikin wani lemon waje da yarana ke so. An ce min duk abin da ya fara da E guba ne. Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan fi gudu?”

’Yar’uwa, harafin E ba alamar guba ba ne. Lamba ce da Tarayyar Turai ke ba sinadarin da ta bincika, shi ya sa har bitamin C yana da tasa, E300. Abin dubawa shi ne lambar farko bayan harafin. Daga 100 zuwa 199 rini ne. Daga 200 zuwa 299 masu hana lalacewa ne. Idan lemon daga Indiya ko Tailan ya fito, sau da yawa za ki ga INS 110 ko lambar tsirararta, kuma abu guda ne. Amurka ce ta fita daban, tana rubuta suna: Yellow 6 shi ne E110, Yellow 5 shi ne E102, Red 40 kuma E129.

Aikinsu ne ya fara raba su. E110 rini ne mai launin ruwan goro da ake haɗawa a masana’anta, kuma don ido kawai aka zuba shi. A cire shi, ɗanɗanon lemon ba zai canja ba, ba zai kuma lalace da wuri ba. E211 kuwa, wato sodiyam benzowet, mai gadi ne. Ruwan sukari a rufe gona ce ga yis da funfuna, kuma idan ba a dafa lemon aka rufe shi da zafinsa ba, sai da abin da zai tare su. Don haka ni ba na yi wa su biyun hukunci iri ɗaya. Rini ina tambayarsa me ya kawo shi. Mai hana lalacewa kuwa ina tambayar da wa yake tare.

Maganar rini da yara ta samo asali ne daga binciken Jami’ar Sawuthamton ta Birtaniya a 2007. An ba yara ’yan shekara 3 da ’yan shekara 8 zuwa 9 abin sha mai haɗin rini, aka ga wasunsu sun ƙara ƙiriniya da rashin natsuwa. Rini shida aka gwada: E102, E104, E110, E122, E124 da E129. Tasirin bai yi yawa ba, ba kuma kowane yaro ya nuna shi ba, har hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce hujjar ba ta kai a canja ma’aunin da aka yarda a sha ba. Duk da haka, tun 2010 doka ta wajabta wa abincin da ake sayarwa a Turai mai ɗauke da ɗaya daga cikin shidan ya rubuta gargaɗi cewa yana iya shafar natsuwar yara. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, akwai E211 a cikin duk haɗin da aka ba yaran, don haka binciken bai iya ware laifin kowa ba, amma gargaɗin a kan rini kaɗai ya faɗa.

Wannan gargaɗi na kasuwar Turai ne. Kamfani ɗaya na iya yin lemo mai suna ɗaya da E160a, rinin da ke cikin karas, don wata ƙasa, ya yi shi da E110 don wata. Rashin ganin gargaɗi a kwalbarki bai nuna komai ba, lambar ce ke faɗin gaskiya.

E211 matsalarsa daban ce, kuma a nan nake so ki natsu. Ba ya aiki sai a ruwa mai tsami, shi ya sa kusan kullum za ki gan shi da E330, tsamin da ke cikin lemon tsami. Wannan haɗin ba komai. Wanda ake dubawa shi ne haɗuwarsa da bitamin C. Idan benzowet da E300 suka zauna a kwalba ɗaya, zafi da haske suka same su, ’yar ƙaramar benzin na iya samuwa, kuma benzin na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada lemuka tsakanin 2005 da 2007. Mafi yawansu sun fito lafiya, kaɗan suka haura ma’aunin ruwan sha na ƙasar, aka sa kamfanoni suka sake haɗi. Abin da ya sa wannan ya fi shafar lemon waje shi ne doguwar tafiya: makonni a cikin kwantena, kwanaki a tashar jirgin ruwa, sannan ajiya. Benzin ba ya nuna kansa a launi ko ɗanɗano, don haka rubutun kwalbar da yadda aka ajiye ta su ne kawai hujjarki.

Ɗauko kwalbar mu karanta tare. A ce an rubuta: ruwa, sukari, E330, E211, E300, E110. Ana jera sinadarai daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, to ruwa da sukari ne lemon, sauran ’yan ƙwayoyi ne. Yanzu lissafi. Turai ta ƙayyade benzowet a lemo kada ya wuce miligiram 150 a lita, kuma ma’auninta na yini shi ne miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum. Yaro mai kilo 20 yana da miligiram 100 ke nan. Gwangwani mai mililita 330 da aka cika wa iyaka yana ɗauke da kusan 50, to gwangwani biyu sun cinye kasonsa. Ga E110 kuwa, iyakar lemo miligiram 20 ce a lita, ma’aunin yini 4 ga kowane kilo. Yaron yana da 80, gwangwanin bai kai 7 ba, sai ya sha fiye da goma kafin ya kai. Wuce ma’aunin rana ɗaya ba ya kwantar da kowa, domin an bar tazara mai faɗi a cikinsa, shan kullum ne ake magana. Ki kuma tuna lemon da aka yi wa wata kasuwa yana bin iyakar can ne, mai yiwuwa ta fi wannan yawa.

To kin ga, a wajen yawa E211 ne ke saurin cika mudu. E110 ba yawansa ake ji ba, yanayin yaron ne. Idan kin lura ɗanki yana kasa zama bayan lemo mai launi, ki dakatar da shidan nan mako biyu ki gani, ba abin da zai rasa.

Wannan kwalbar da muka karanta, ni zan mayar da ita, ba don E110 ba, sai don E211 da E300 da ke tare. In na samu irinsa mai E202, wato fotasiyam sobet, shi zan ɗauka, domin aikin gadi iri ɗaya yake yi kuma ba ya haifar da benzin. In kuma a gidan akwai mai asma, lambobin da zan fi nema su ne E220 zuwa E228, dangin salfait, don su ne ke iya tayar da numfashi cikin ’yan mintuna, kuma sun fi fitowa a lemon da ake sirkawa da ruwa.